Yadda Ake Tsara Jadawalin Rabon Maki Kafin Fitar da Jarrabawar Addinin Musulunci ta Ƙarshen Zango

Yawancin takardun jarrabawar addini da ake fitarwa a ƙaramar sakandare suna da ciwo iri ɗaya. "Lissafo", "ambaci", "kawo", "nawa ne", daga tambaya ta farko har ta ƙarshe. Yaron da ya haddace littafin rubutunsa daren jarrabawa sai ya kwashe maki 55 cikin 60, amma in ya yi rafkanuwa a sallar La'asar ta ranar bai san ko ƙabli zai yi ko ba'adi ba. Ba ƙeta ce ke sa malami yin haka ba. Tambayar hadda ita ce mai saurin zuwa kai, ita ce mai sauƙin dubawa, kuma in an zauna fitar da tambayoyi ba tare da tsari a gaba ba, hannu can yake karkata.

Maganin abin shi ne a raba makin kafin a rubuta ko tambaya ɗaya. Jadawali ne mai layuka da ginshiƙai: layukan su ne darussan da aka koyar, ginshiƙan kuma matakan tunani uku, wato sani, fahimta, da aiki da abin da aka sani. Matakan nan uku su ne na farko cikin shida da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fitar a 1956, kuma su ne suka fi dacewa da yara 'yan shekara sha biyu zuwa sha huɗu. Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe: aji biyu na ƙaramar sakandare, zangon farko, jarrabawa mai maki 60, sauran 40 ɗin an riga an samo su daga gwaje-gwajen cikin zango. In makarantarku 70 da 30 take yi, lissafin ne kawai zai canza. Malamin addinin Kirista ma hanyar nan zai bi, sunayen layukan ne za su bambanta.

Fara da abin da ka koyar a zahiri

Kada ka buɗe manhaja tukuna. Ɗauko dayarinka, littafin da kake rubuta abin da ka koyar kowane mako, ka ƙirga darasi nawa kowane fanni ya ci. Manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu a Najeriya, tana faɗin abin da ya kamata a koyar, dayari kuwa yana faɗin abin da yaran suka samu, kuma a kan na biyun ake yi musu hisabi. In hutun da ba a zata ba ya cinye makon da za a yi tarihin wani Annabi, wannan darasin ba shi da layi a jadawalin.

A ɗauka zangon ya ba ka makonni goma na koyarwa, darasi uku a mako, jimla darasi 30. Ka ƙirga ka samu: Fiƙihu (alwala, taimama, sujadar rafkanuwa) darasi 9, Alƙur'ani (Suratul Ma'un da Suratul Asr) darasi 6, Sira (Hijira) darasi 5, Hadisi 4, Tauhidi 3, Tarbiyya 3. Tunda maki 60 ne darasi 30, kowane darasi ya tashi a maki biyu. Fiƙihu ya samu 18, Alƙur'ani 12, Sira 10, Hadisi 8, Tauhidi 6, Tarbiyya 6. In alƙaluman ba su faɗa daidai haka ba, ka raba darussan fannin da jimlar darussa, ka ninka da jimlar maki, ka cike ɓurɓushin.

Wani zai ga Tauhidi da maki shida kacal ransa ya sosu, tunda shi ne tushe. Gaskiya ne shi ne tushe. Amma in ka ba shi maki 15 alhali sau uku ka tsaya a kansa, za ka ƙare kana tambayar abin da ba ka koyar ba, ko kana maimaita tambaya ɗaya da tufafi daban-daban. In kana ganin an tauye shi, wurin gyara shi ne tsarin darussan zango mai zuwa. Ana iya matsar da maki ɗaya ko biyu daga layi zuwa layi saboda nauyin darasi, amma a tsaya nan.

Ka yanke kason kowane mataki

A misalinmu za mu ba sani kashi 40 cikin ɗari, fahimta 35, aiki 25. A maki ke nan 24, 21 da 15. Ba doka ba ce, zaɓi ne, kuma ga dalilinsa. Karatun addini yana da nassi da dole a riƙe shi yadda yake: aya, hadisi, farillai. Wanda ya rage sani ƙasa da kashi 30 a wannan aji ya zalunci fannin. A ɗaya gefen kuma, in aiki bai kai kamar rubu'in takardar ba, yaro zai iya barin sa gaba ɗaya ya ci jarrabawa da kyau, kuma yara suna saurin gane abin da za a iya tsallakewa. A ajin farko na ƙaramar sakandare kana iya ɗaga sani zuwa rabi. A babbar sakandare sai ya sauka, fahimta da aiki su hau.

Akwai sharaɗi ɗaya. Kason aiki bai kamata ya wuce abin da ka saba wa yaran a aji ba. In zangon nan duk karanta musu ka yi suna kwafa, kada ka far musu da kashi 25 na warware mas'ala ranar jarrabawa. Ka fara da 10 ko 15, ka ƙara a zango na gaba bayan sun saba.

Bambance matakan uku, domin nan ake faɗuwa

Jadawali mai kyau ba ya amfani in malam ya lissafa tambayar hadda a ginshiƙin fahimta. Mu ɗauki darasi ɗaya, sujadar rafkanuwa, mu gani.

Sani shi ne yaro ya dawo maka da abin da ka ba shi. "Wace sujada ake yi in an yi ragi a salla?" Amsa, ƙabli. Yana cikin littafinsa da kalmomin nan.

Fahimta ita ce ya juya abin da bakinsa, ko ya kwatanta biyu, ko ya faɗi dalili, ko ya ware misali daga wanda ba misali ba. "Cikin waɗannan huɗu wanne ne ƙari: barin sura bayan Fatiha, barin zaman tahiyar farko, yin sujada uku a raka'a ɗaya, barin kabbarori biyu na tsakiyar salla?" Jerin nan ba ya cikin littafinsa. Sai ya gane abin da ake nufi da ragi da ƙari kafin ya ware sujada ukun.

Aiki shi ne a ajiye masa wani hali da bai taɓa gani a aji ba, ba a gaya masa ƙa'idar da zai ɗauko ba, shi ya nemo ta ya yanke hukunci. "Musa yana sallar La'asar, ya manta bai karanta sura bayan Fatiha a raka'ar farko ba, daga baya kuma ya ƙara raka'a ta biyar bisa mantuwa. Me zai yi?" Sai ya ga ragin, ya ga ƙarin, ya tuna cewa in sun haɗu ragi ke rinjaye a mazhabar Malikiyya, sannan ya ce ƙabli.

Kalmar da aka buɗe tambaya da ita ba ita ke nuna mataki ba. "Bayyana dalilan Hijira" tana kama da fahimta, amma in ka rubuta musu dalilai huɗu a allo sun kwafa, tambayar sani ce tsantsa. Haka mas'alar Musa: in ka warware ta a aji da sallar La'asar ɗin da raka'ar farkon, ta sauko ta zama hadda. Don haka a kowace tambaya ka tambayi kanka abu ɗaya: yaron da ya haddace littafinsa tsaf bai gane komai ba, zai iya cin wannan? In zai iya, ginshiƙin sani za ta, komai tsawonta. Hanyar tsira ita ce ka canza yanayin ka bar ƙa'idar. In a aji da Azahar da zaman tahiya ka yi misali, a jarrabawa ka kawo Magariba da sura.

Malamin addini yana da wata matsala da na lissafi ba shi da ita. Rabin ajinka suna zuwa Islamiyya da yamma, wasu sun sauke Ahalari tun suna firamare. Mas'alolin littafin nan, kamar wanda ya miƙe bayan raka'a biyu bai zauna ba, a wurinsu hadda ce, a wurin sauran kuwa sabon abu. Ba za ka iya kawar da bambancin gaba ɗaya ba, amma kana iya rage shi ta hanyar neman dalili tare da hukunci, da haɗa abubuwa biyu a mas'ala ɗaya yadda hadda kaɗai ba za ta fitar da yaro ba.

Cike ɗakunan jadawalin

Makin kowane ɗaki shi ne makin layi sau kason ginshiƙi. Fiƙihu mai maki 18 zai ba ka 7.2 a sani, 6.3 a fahimta, 4.5 a aiki. Sira mai maki 10 zai ba ka 4, 3.5 da 2.5. Wannan lissafin farko ne kawai, kada ka tsaya a kansa, domin fannonin ba su ɗaukar aiki daidai da juna. Fiƙihu kusan duk aiki ne. Tarbiyya ma haka. Sira da Tauhidi a wannan aji sun fi zama a sani da fahimta, kuma in ka matsa sai ka samo musu tambayar aiki, za ka ƙare da irin "wane darasi ka koya daga Hijira?", wadda kowane yaro zai amsa da "haƙuri da dogaro ga Allah" ko bai shiga aji ba.

Saboda haka ka kwashe makin aiki daga inda ba ya zama ka kai inda yake zama, sannan ka rama musu a sani da fahimta. Ƙa'idar ita ce jimlar kowane layi da jimlar kowane ginshiƙi kada su motsa. Ga yadda namu ya fito:

| Fanni | Darasi | Sani | Fahimta | Aiki | Jimla |
|---|---|---|---|---|---|
| Fiƙihu | 9 | 5 | 5 | 8 | 18 |
| Alƙur'ani | 6 | 6 | 4 | 2 | 12 |
| Sira | 5 | 5 | 5 | 0 | 10 |
| Hadisi | 4 | 3 | 3 | 2 | 8 |
| Tauhidi | 3 | 3 | 3 | 0 | 6 |
| Tarbiyya | 3 | 2 | 1 | 3 | 6 |
| Jimla | 30 | 24 | 21 | 15 | 60 |

Sifiri a ɗaki ba laifi ba ne in da gangan aka sa shi. Ka tara layuka ka tara ginshiƙai, duka biyun su ba ka 60. In ɗaya ya ba ka 59 ko 61, akwai makin da ka matsar ba ka rama ba.

Raba tsakanin canki-canka da rubutu

Takardar tamu kashi biyu ce: tambayoyin canki-canka 30 masu maki ɗai-ɗai, da tambayoyin rubutu uku masu maki goma-goma. Canki-canka tana da kyau wajen zagaye darussa da yawa cikin ɗan lokaci, don haka sani ya fi yawa a can. Amma mai zaɓi huɗu, yaron da ya rufe ido ya canka yana da damar ci ɗaya cikin huɗu, kuma ba ka ganin hanyar da ya bi. Shi ya sa yawancin makin aiki ke tafiya ɓangaren rubutu. A namu, canki-canka ta ɗauki sani 18, fahimta 9, aiki 3. Rubutu ya ɗauki sani 6, fahimta 12, aiki 12.

A aikace da ɓangaren rubutu ake farawa, a cire abin da ya ci daga kowane ɗaki, saura ya zama canki-canka. Tambaya ta ɗaya Fiƙihu ce zalla, ta ci sani 2, fahimta 3, aiki 5. Ka cire daga layin Fiƙihu, saura 3, 2 da 3, wato canki-canka takwas. Tambaya ta biyu ta haɗa Alƙur'ani (maki 6) da Hadisi (maki 4), ta uku ta haɗa Sira (6) da Tarbiyya (4). Tauhidi duk makinsa shida a canki-canka suke. Da ka gama, ka rubuta lambar kowace tambaya a cikin ɗakinta da fensir, misali "7, 12, 19" a ɗakin aiki na Fiƙihu. Daga nan kana fitar da tambaya ne don cike gurbi da ka san shi, ba abin da ya faɗo maka a rai ba.

Wani abu yana rushe duk wannan aikin cikin layi ɗaya: "Amsa uku cikin biyar." Da zarar ka ba da zaɓi irin wannan, kowane yaro ya tsara tasa jarrabawar. Zai tsallake mas'alar Fiƙihu ya ɗauki uku da suka fi kusa da hadda, sai maki 15 na aiki su koma 6 ko 7 a takardarsa, kuma makin yara biyu ba su auna abu ɗaya ba. Abin da ya fi shi ne duka ukun dole. In makaranta ta nace sai an ba da zaɓi, ka yi shi bibbiyu: ko wannan ko wancan, duka daga fanni ɗaya, da rabon mataki iri ɗaya.

Layin Fiƙihu, tambaya da amsarta

Ga tambayar rubutu ta ɗaya yadda za ta fito, da yadda za a raba makinta. A rubuta takardar amsoshi a zama ɗaya da tambayar, domin a nan ne ake gane tambayar da ba ta da amsa ɗaya.

Kashi na farko, maki 2: "Kawo huɗu daga farillan alwala bisa mazhabar Malikiyya." Rabin maki kowace. Takardar amsoshi ta jera duka bakwai: niyya, wanke fuska, wanke hannaye zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuɗawa, da yin su a jere ba jinkiri. Faɗin mazhabar ba ado ba ne. Farillan alwala bakwai ne a Malikiyya, shida a Shafi'iyya, huɗu a Hanafiyya. Yaron da ya ji wani adadi a wurin malaminsa na gida ba ƙarya ya yi ba, kuma in tambayarka ba ta ɗaure ba, ba ka da hujjar hana shi maki.

Kashi na biyu, maki 3: "Mutum biyu sun yi alwala sun yi salla. Bayan sallama ɗaya ya tuna bai kurkure baki ba, ɗayan ya tuna bai shafi kai ba. Me ya sa hukuncinsu ya bambanta?" Maki ɗaya ga wanda ya ce kurkurar baki sunna ce, shafar kai farilla. Maki ɗaya ga cewa mai barin sunna sallarsa ta yi, zai kawo abin da ya bari domin salloli masu zuwa. Maki ɗaya ga cewa mai barin farilla zai kawo ta ya sake salla. Mun sa ta a fahimta domin tambayar ta riga ta gaya masa hukuncin ya bambanta, dalili kawai ake nema. Da an ce "me kowannensu zai yi?" ba tare da wannan haske ba, da ta hau aiki.

Kashi na uku, maki 5: mas'alar Musa ta sama. A nan ka lura, ƙabli da ba'adi abu biyu ne kawai, mai canka yana da rabin dama. In ka ɗora maki biyar a kan kalmar "ƙabli", rabin waɗanda ba su sani ba sun ci banza. Ka warwatsa makin a kan hanyar: ɗaya ga gane cewa barin sura ragi ne, ɗaya ga gane cewa raka'a ta biyar ƙari ce, ɗaya ga hukuncin ƙabli, ɗaya ga dalilin cewa ragi ke rinjaye in sun haɗu, ɗaya ga yadda ake yi, wato sujada biyu bayan tahiya kafin sallama, a sake tahiya, a sallame. Yarinyar da ta gane ragin da ƙarin amma ta ce ba'adi tana da maki biyu, kuma kai ka san daidai inda ta tsaya.

Canki-canka ma tana ɗaukar aiki in zaɓuɓɓukan suna da rai. "Matafiyi bai sami ruwa ba ya yi taimama domin Azahar. Kafin ya tayar da kabbara sai ga ɗan garuwa da ruwa, kuma da sauran lokaci sosai. Me zai yi?" Zaɓi: ya yi salla da taimamarsa, ya yi alwala ya yi salla, ya sake taimama, ya yi salla da taimama ya yi ba'adi. Amsa ita ce alwala, domin samun ruwa kafin shiga salla yana warware taimama. Kowane zaɓi na kuskure a nan kuskure ne da yara ke yi da gaske. Irin zaɓin da ake sa wa don cike gurbi, kamar "ya koma gida ya kwanta", yana mayar da tambaya mai zaɓi huɗu ta zama mai uku.

Sauran layukan a taƙaice

Makin aiki biyu na Alƙur'ani: "Wata mata tana da turmi biyu, maƙwabciyarta ta aiko aron ɗaya, ta hana alhali ba ta amfani da shi. Wace aya ce a surorin da muka karanta ta shafi wannan, kuma ta yaya?" Ba ka ambaci surar ba, yaro ne zai nemo aya ta bakwai ta Suratul Ma'un. A Sira, shekarar Hijira, 622 Miladiyya, da sunan kogon Sauru da wanda ya raka Manzon Allah (SAW), wato Sayyidina Abubakar, duk sani ne, kuma maki biyar sun ishe su. Fahimta sai ta koma kan dalili da alaƙa, kamar abin da ya sa haɗa 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar ya zama dole ga mutanen da suka bar gidajensu da dukiyarsu a Makka.

A Tarbiyya akwai iyaka da ya kamata a kiyaye. Jarrabawa tana auna abin da yaro ya sani da yadda yake tunani, ba ta auna imaninsa ko ibadarsa. "Kana tashi sallar Asuba a kan lokaci?" ba tambayar jarrabawa ba ce, tana koya wa yaro ne ya rubuta ƙarya don maki. Haka nan mas'alar da amsarta ke bayyane ga kowa, kamar ko ya kamata a mayar da kuɗin tsintuwa. Ka sa abubuwa biyu masu kyau su yi karo: abokinka ya ba ka amanar wani sirri, sai ka gane sirrin zai cutar da wani ɗan ajinku. Makin yana kan dalilin da ya kafa daga abin da aka karanta.

Kafin a kai wa mai bugawa

Lokaci tukuna. Canki-canka ta sani tana cin ƙasa da minti ɗaya, ta aiki tana iya cin biyu, don haka 30 ɗin ka ba su minti 35. Tambayoyin rubutu minti 15 kowace, 45 ke nan. Minti goma na karantawa da dubawa. Awa ɗaya da rabi. In jadawalin makaranta awa ɗaya ya ba ka, ka rage yawan tambayoyi ka riƙe kason, domin in lokaci ya ƙure tambayoyin aiki ne ake bari, su ne a ƙarshe kuma su ne masu cin tunani.

Sai harshe. A makarantu da yawa da Turanci ake fitar da takardar. Mas'ala mai layi shida da Turanci mai nauyi ba Fiƙihu take aunawa ba, karatun Turanci take aunawa. Jimla biyu ko uku gajeru sun isa, da sunayen da yaro ya saba ji a aji. In aya ko hadisi zai fito da Larabci, ka duba bugun da idonka harafi-harafi, wasulla sukan ɓace a injin kwafi.

Ka duba kuma kada wata tambaya ta ba da amsar wata. In ta 4 ta ce "sujadar ƙabli da ake yi saboda ragi", ta riga ta amsa ta 11 mai tambayar abin da ake yi in an yi ragi.

Daga nan ka miƙa wa wani malamin fannin takardar ba tare da jadawalin ba, ka roƙe shi ya sa wa kowace tambaya alamar sani, fahimta ko aiki. Ku gwada da naka. Saɓani a uku ko huɗu ba komai, ku tattauna ku daidaita. In ya kai goma, kusan kullum tambayoyin da ka kira fahimta ne shi ya gan su hadda, kuma galibi shi ke da gaskiya, domin mai fitar da tambaya yakan ga zurfin da ya yi niyya, mai karantawa kuwa abin da ke kan takarda yake gani.

Bayan an duba takardu

Kada ka jefar da jadawalin. Ka ɗauki takardu kamar ashirin ba zaɓe, ka tara makin kowane yaro ginshiƙi-ginshiƙi. A ce matsakaicin ya fito 19 cikin 24 a sani, 11 cikin 21 a fahimta, 4 cikin 15 a aiki. Jimla 34 cikin 60, wanda a takardar sakamako ba zai tayar wa kowa da hankali ba. Amma rabon ya nuna ajin yana riƙe nassi, ba ya iya sarrafa shi, kuma makonnin farko na zango na biyu suna bukatar mas'aloli a allo fiye da sabon rubutu. In kuwa duka ginshiƙan sun yi kyau sai layi ɗaya ya faɗi, matsalar darasin ce, a koma masa.

Tambayoyin canki-canka kuma ana iya gwada lafiyarsu. Ka jera takardun daga mafi maki zuwa ƙasa, ka ware kashi 27 cikin ɗari na sama da na ƙasa. A aji mai yara 60, goma sha shida-shida ke nan. A kowace tambaya ka ƙirga nawa suka ci a kowane rukuni, ka cire na ƙasa daga na sama, ka raba da 16. In tambayar taimama 13 na sama suka ci, 5 na ƙasa, takwas a raba da sha shida ya ba ka 0.5, tambaya ce mai bambance wanda ya gane da wanda bai gane ba, ka adana ta, amma ka canza mata yanayi kafin ka sake fitar da ita, don tsofaffin takardu suna yawo a hannun ƙanne. In sakamakon ya yi ƙasa da 0.2, ka sake duba ta. In kuwa na ƙasa sun fi na sama ci, misali 10 da 6, ka fara duba takardar amsoshinka ko ka sa harafin da ba shi ba. In harafin daidai ne, ka ga zaɓin da na saman suka taru a kai. Sau da yawa a darasin Fiƙihu za ka tarar wannan zaɓin daidai ne a wata mazhabar, ko a wani littafin da suka karanta a Islamiyya, kai kuma ba ka ɗaure tambayar ba. A irin wannan sai a karɓi amsoshin biyu, a gyara makin yaran kafin a shigar da shi takardar sakamako.